Nawa Ne Ɗinkin? Yadda Ake Fitar da Kuɗin Kaftani da Wando ba Tare da An Cuci Kowa ba

A yawancin shagunan ɗinki na Kano, Kaduna ko Katsina, idan mutum ya ajiye yadinsa a kan tebur ya ce, "Malam, nawa za ka ɗinka mini?", tela ba ya ɗaukar biro. Yakan shafa yadin, ya dubi mai kayan tun daga hula har takalmi, ya tuna abin da maƙwabcinsa yake karɓa, sannan ya yanke kuɗi. Mai kaya ya ce ya yi yawa, a ja, a sassauta, a rabu a kan wani abu a tsakiya. Dukansu biyu babu wanda ya san ko kuɗin da aka tsayar ya biya aikin. Mai kaya yana tafiya da zargin an tsuga masa, tela kuma ya wayi gari a ƙarshen wata yana mamakin inda kuɗin suka shige alhali keke bai huta ba.

Kuɗin ɗinki abu ne da yake lissafuwa, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya iya tarawa da rabawa ba. Za mu bi ɗinki guda ɗaya daga kanti zuwa leda: kaftani da wando na babban mutum mai matsakaicin jiki, da ɗan aiki a wuya da ƙirji. Alƙaluman da za a gani a nan misali ne na saka don hanyar ta fito fili. Farashi yana motsi daga gari zuwa gari, daga wata zuwa wata, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya. Kowa sai ya cire nawa ya sa nasa.

A fara da yadi, domin shi ne ya fi sauƙin ganewa. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, amma ba tsawo kaɗai ake saye ba, har da faɗi. Yadin maza mai faɗin inci 58 zuwa 60, yadi huɗu yakan ishi kaftani da wando na matsakaicin mutum. Idan yadin mai ƙaramin faɗi ne, wajen inci 45 irin na atamfa, to huɗu ba zai kai ba, domin hannuwa da aljihu ba za su fita daga gefen jikin rigar ba, dole a ƙara. Dogon mutum ko mai ƙiba yana bukatar biyar. Yadi mai ratsi ko mai zane da sai an daidaita gaba da baya shi ma yana cin ƙari, saboda tela ba shi da damar juya shi yadda ya ga dama wajen yanka. Babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa yadi goma aka saba saya. Wanda yake sayayya tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram ya lura da cewa a can da mita ake awo, kuma mita ta fi yadi da inci uku da ɗan kai, don haka mita huɗu ta ɗara yadi huɗu da fiye da inci goma sha uku. Wannan bambancin ya isa fitar da aljihu da wuyan riga.

A misalinmu, an sayi yadi huɗu a Kantin Kwari, kowane yadi naira 6,000, ya kama naira 24,000. Idan mai kaya ne ya zo da abinsa, wannan ba ya shiga lissafin tela. Idan kuwa tela ne ya sayo, akwai abu biyu da ya kamata ya kiyaye. Na farko, zuwa kasuwa aiki ne: akwai kuɗin adaidaita sahu, akwai rabin yinin da keke ya zauna babu mai taka shi. Na biyu, idan yana ajiye bandir a shago yana yanka wa masu zuwa, farashin da zai sa shi ne na yau, wato abin da zai biya idan ya koma sayo wani, ba abin da ya biya wata uku da suka wuce ba. Telan da ya sayi bandir a kan 5,000 kowane yadi, ya sayar a kan 5,500 alhali kasuwa ta koma 6,000, yana ganin ya ci ribar ɗari biyar, amma ranar da ya koma kanti kuɗin hannunsa ba za su sayo masa bandir cikakke ba. Jarinsa ne ya ragu.

Bayan yadi sai ƙananan kayan da suke shiga cikin riga waɗanda ido ba ya kula da su. Akwai zare, da maɓallai, da gam ɗin da ake mannawa a wuya da bakin hannu don su tsaya, da yadin aljihu, da zif da roba ko tazugen wando, da ledar da za a saka kayan. Kowanne shi kaɗai ba ya kai a yi maganarsa, shi ya sa teloli da yawa ba sa ƙirga su. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba: ƙunshin maɓallai nawa aka saya, riguna nawa yake yi, yadin gam ɗaya wuya nawa yake fitarwa. A ce duka sun tashi naira 1,500 a kan wannan ɗinkin. Sai aikin wuya. Mafi yawan masu ɗinki ba su da keken surfani, kai wa mai shi suke yi su biya shi, a ce naira 4,000. Mai guga ya karɓi 500. Idan shadda ce da za a kai wa masu bugu, nasu kuɗin daban ne. Zuwa nan tela ya fitar da naira 6,000 daga aljihunsa, kuma ko sisi a ciki ba nasa ba ne, wucewa kawai suka yi ta hannunsa.

Inda lissafin yawancin teloli yake karyewa shi ne kuɗin shago. Shago yana ci ko an yi ɗinki ko ba a yi ba. A ɗauka haya naira 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata. Wutar lantarki da man janareto a ce 40,000 a wata, domin keken zamani mai mota da na wibin ba sa motsi sai da wuta, kuma kowa ya san halin wutarmu. Man keke, allurai, wasa almakashi da kiran mai gyara, 5,000. Kuɗin shara, na mai gadi da na ƙaramar hukuma, 4,000. Sai abu guda da kusan babu mai tunawa da shi: keken kansa yana tsufa. Idan kekunan shagon sun kai naira 360,000 kuma ana sa ran su yi shekara biyar kafin a canza, to kowane wata suna cinye 6,000, ko da ba a ga kuɗin suna fita ba. Telan da ba ya ware wannan, ranar da keke ya mutu sai bashi. Jimillar duka ta kama naira 75,000 a wata.

Wannan 75,000 ɗin a kan kayan mutane za a raba ta, kuma a nan sai an faɗa wa kai gaskiya. Ba da yawan ɗinkin watan azumi ake rabawa ba, lokacin da kaya suke jibge har rufi. Ba kuma da na bayan Babbar Sallah ba, lokacin da tela yake yini yana sauraron rediyo. Ana duba shekara gaba ɗaya ne a fitar da matsakaici. Wanda yake rubuta ɗinkinsa a littafin awo yana da amsar a hannu, sai dai ya ƙirga shafuka. A misalinmu tela ne shi kaɗai, yana gama saiti 30 a wata idan an daidaita. Saboda haka kowane saiti yana ɗauke da naira 2,500 na kuɗin shago.

Yanzu sai guminsa. Ra'ayina shi ne tela ya fara da tambayar kansa nawa ne zai riƙe gidansa a wata, kamar yadda ma'aikaci yake duba albashi kafin ya karɓi aiki. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne tun daga 2024, kuma wannan na wanda bai koyi komai ba ne. Mutumin da ya yi shekaru a gaban maigidansa yana koyon yanka bai kamata ya auna kansa da wannan ba. A ce ya tsayar da 150,000. Sai ya raba da awannin da yake aiki na haƙiƙa. Yana iya buɗe shago ƙarfe tara na safe ya rufe bayan isha'i, amma a cire salla, cin abinci, jiran wuta, zuwa wajen mai surfani da gaisawa da masu leƙowa, da wuya a samu fiye da awa shida da hannunsa yake kan kaya. Kwana 25 sau awa shida ya ba da awa 150. Ke nan kowace awa tasa naira 1,000 ce.

Awa nawa kaftani da wando suke ci? Kada a yi kirdado, a duba agogo a kan ɗinki uku ko huɗu. Ɗaukar awo da tattauna irin ɗinkin da ake so yakan ci minti talatin, kuma aiki ne, domin kuskuren da aka yi a nan shi ne yake dawo da riga. Shimfiɗa yadi, zane da alli da yanka, minti arba'in da biyar. Haɗa riga, da wuya da aljihu da hannu, awa biyu. Wando awa ɗaya. Huda gidan maɓalli, ɗaura maɓallai, tsinke zare da dubawa ta ƙarshe, wasu minti arba'in da biyar. Awa biyar ke nan, naira 5,000.

Idan aka tara, abin da ya fitar 6,000, kuɗin shago 2,500, aikinsa 5,000, an sami naira 13,500. Wannan shi ne abin da ɗinkin ya ci, babu riba a ciki. A kai ake ɗora kamar kashi goma cikin ɗari ko sama kaɗan, a ce 1,500. Wani zai ce ai an riga an biya shi ladansa, ribar ta mece ce? Ita ce take ɗaukar gyaran da za a dawo da shi kyauta, da kayan da aka ɗinka mai su bai zo karɓa ba har shekara ta zagayo, da ranar da tela ya kwanta zazzaɓi, kuma daga cikinta ne shago zai ƙara keke. Kuɗin ɗinkin ya tsaya a naira 15,000. Idan tela ne ya sayo yadin, a haɗa 24,000 da kamar 1,000 na zuwa kasuwa, kaftani da wando sun tashi naira 40,000.

To, me zai faru idan maƙwabci yana karɓar 10,000, wannan telan ma ya ce bari ya bi sahu kada masu kawo masa ɗinki su gudu? Daga 10,000 ɗin, 6,000 sun tafi ga kayan aiki da mai surfani da mai guga. Shago ya ɗauki 2,500. Abin da ya rage masa a kan awa biyar shi ne naira 1,500, wato ɗari uku a awa, 45,000 a wata. Ya faɗo ƙasa da mafi ƙarancin albashi, kuma bai sani ba, domin kullum yana ganin kuɗi suna shigowa aljihunsa. Idan yana son ya biya shago ya kuma kai 150,000 gida a wannan farashin, sai ya ɗinka saiti 57 a wata maimakon 30. Awa 285 ke nan a inda yake da 150.

Daga nan ne saɓa alkawarin da aka san teloli da shi yake samo asali, ko aƙalla babban ɓangarensa. Ba na wanke wanda yake yi wa mutane ƙarya, amma mutumin da farashinsa bai biya shi ba dole ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa. Yana karɓar kafin alƙalamin Alhaji ya sayi zaren rigar Malam, ya ce wa kowa "ranar Alhamis in sha Allahu". Daga baya sai a fara rage aiki: a bar wibin a ciki, a buɗe tazarar ɗinki don keke ya yi sauri, a sa gam mai arha da zai kumbura a wanki na biyu, a miƙa wa yaron da bai ƙware ba haɗa wuya. Mai kayan da ya yi murnar rage dubu biyar shi ne zai yi Sallah da tsohuwar riga, ko da sabuwa mai karkataccen aljihu. Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma a ɗinki ana ganin haka da ido.

Akwai wata al'ada da ta kamata a duba da kyau, ita ce sa kuɗin ɗinki gwargwadon tsadar yadi. Mutum ya kawo shadda Gezna, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, sai tela ya ninka kuɗi, don ya ga mai ita yana da hali. Awa biyar ɗin nan ba su zama goma ba don yadi ya yi tsada. Amma ƙari yana da hujja ta fuska biyu, kuma dukansu suna lissafuwa. Ta farko, shadda mai ƙyalli tana nuna hujin allura idan aka farke, kuma furenta yana son a daidaita shi, don haka tela yana tafiya a hankali. Idan ta ƙara masa awa ɗaya, ya ƙara 1,000. Ta biyu ita ce haɗari. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai sana'ar da aka ba wa kaya ya tafi da su wajen aikinsa shi ke da lamuninsu idan suka salwanta ko suka lalace a hannunsa, sai in an tabbatar ba laifinsa ba ne. Idan dutsen guga ya ƙone yadin 24,000, abin da zai biya ke nan. Idan ya ƙone shaddar 100,000 kuwa, ya yi asarar mafi yawan abin da zai samu a wata. In a ce cikin ɗinki ɗari sau ɗaya hakan take faruwa, to naira 1,000 a kan kowace irin wannan shaddar ta rufe haɗarin. Ke nan ɗinkin 15,000 ya koma 17,000, ko 18,000 idan an yi amfani da zare da maɓallai da suka dace da ita. Bai koma 30,000 ba. Abin da ya halatta tela ya karɓi fiye da haka shi ne ƙwarewarsa, idan yankansa yana zama a jiki yadda na wasu ba ya yi. Wannan kuma a kuɗin awarsa zai fito, ga mai shadda da mai yadin talaka baki ɗaya.

Haka nan ɗinkin gaggawa. Wanda ya kawo kaya ana saura kwana uku Sallah yana neman tela ya yi aikin dare, da janareto a kunne, ya kuma tura kayan wani baya. Ƙarin rabin kuɗin aiki da kuɗin man da za a ƙona ba zalunci ba ne, muddin an faɗa tun farko kuma ba a saɓa wa wanda ya riga kawowa ba.

Hanyar ba ta canzawa a ɗinkin mata, awanni ne suke ƙaruwa. Turmin atamfa yadi shida ne, daga ciki ake fitar da riga da siket ko zani da ɗankwali. Riga mai shafi kusan ɗinki biyu ce, domin ana yanka shafin a ɗinka shi daban kafin a haɗa. Idan akwai duwatsu ko leshin da za a yanko fure a ɗora da hannu, aikin yana iya cin yini biyu. Matan da suke ɗinki a cikin gida su ne aka fi tauye wa haƙƙi a nan. Ana cewa ai Hajiya ba ta biyan haya, sai a ba ta rabin kuɗin shago, ita ma ta karɓa don kunyar maƙwabta da 'yan uwa. Gaskiya ne kasonta na haya babu, kuma ya dace farashinta ya sauka da wannan gwargwadon. Amma kekenta yana tsufa, zarenta saye take yi, kuma awa takwas ɗin da ta yi a duƙe ba su fi na namiji arha ba. Aikin hannu na babbar riga, irin aska takwas da aka san Zariya da shi, ya fi kowanne nuna wannan: makonni ake yi ana soka allura, kuma idan aka raba abin da ake biyan mai yin sa da awannin da ya ci, sau da yawa abin da yake fitowa ba ya kai a faɗa.

Lissafin yana da iyakarsa. Yana gaya wa tela inda bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba, amma ba ya tilasta wa unguwa ta biya. Idan ya fitar da 15,000 kuma babu mai iya ba da fiye da 12,000 a inda yake, to sai ya koma cikin alƙaluman ya ga wanne zai taɓu. Yana iya yanka saiti biyar a zama ɗaya ya haɗa su a jere, awa biyar ta dawo huɗu. Yana iya raba shago da janareto da wani telan, 2,500 ta koma kusan rabi. Yana iya sayen zare da gam da maɓallai a sari. Yana iya ba mai kaya zaɓin ɗinki marar surfani a kan 11,000, wanda kuma abin da zai shiga aljihunsa bai ragu ba. Abin da bai kamata ya ɗora wa mai kaya ba shi ne nawarsa: idan sauran teloli suna gama saiti a awa biyar shi yana yin takwas don hannunsa bai faɗa ba, awa biyar zai caja.

Shi kuwa mai kai ɗinki, maimakon ya tsaya a kan "rage mini", ya fi masa amfani ya tambaya: nawa ne na aikin wuya, nawa ne na ɗinki, yadi nawa za a ci, kuma idan ya yi saura a dawo masa da shi. Ragowar da ta kai rabin yadi ta mai kaya ce, ba ƙyallen shago ba, sai in ya yafe. Ya juya wata rigar da telan ya gama ya dubi cikinta: an yi wibin a bakin yadin ko zare yana zazzagowa, an bar rarar inci guda a gefe da za a iya buɗawa idan jiki ya ƙaru, aljihu biyu suna kan layi ɗaya, wuya ya kwanta ko ya tashi. A nan ake gane ko an sa awa biyar ɗin ko an yi uku. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san lada kafin a fara aikin ijara, don haka "kawo kawai, ba za mu ɓata ba" ba ciniki ba ne. A rubuta a littafin awo, a gefen sunan mai kaya, kuɗin da aka yanke, abin da ya bayar na kafin alƙalami, da ranar karɓa. Kafin alƙalamin ya kai aƙalla abin da tela zai fitar daga aljihunsa, wato 6,000 a misalinmu, ko 31,000 idan shi zai sayo yadi. A kuma yi maganar gyara tun a lokacin: idan riga ta saɓa wa awon da aka rubuta, gyaran na tela ne kyauta, idan mai ita ne ya sake shawara bayan an gama, ya ce a rage tsawo ko a matse hannu, sabon aiki ne, kuma da awa za a lissafa shi.